Kalaman soyayyar fim ɗin Indiya a layi biyu na Hausa

"Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗan Daura ne, na fara sa wa finafinan Indiya rubutun ƙasa da Hausa. Wurin faɗa da barkwanci ba na shan wahala. Amma in aka zo hirar masoya sai kaina ya kulle: in na fassara duka, layi ya cika ya tumbatsa, in na rage kuma maganar ta zama lami kamar saƙon waya. Ta ina ake kama ta?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Ta wurin agogo ake kama ta. Tsawon layi shi ne abin da ido ke gani, shi ya sa kowa ke ɗora masa laifi, amma ainihin abin da ke shaƙe ka shi ne sakan nawa rubutun zai yi a allo. Ka fara sanin wannan adadin kafin ka rubuta kalma ɗaya, sauran aikin zai zo da sauƙi.

Ga ma'aunin da aka fi bi a wannan sana'a. Zubi ɗaya, wato abin da ya bayyana a allo lokaci guda, ba ya wuce layi biyu. Kowane layi ba ya wuce harafi 42, kuma a ƙirgar har da tazarar da ke tsakanin kalmomi da waƙafi da aya. Wannan shi ne adadin da Netflix ke ba masu yi mata aiki, tare da cewa zubi kada ya gaza kashi biyar cikin shida na sakan, kada kuma ya wuce sakan 7. Saurin karatu kuwa, a harsuna da yawa sun tsayar da shi kan harafi 17 a sakan ɗaya ga manya. Ni a aikina na Hausa ina tsayawa kan 15. Dalilina shi ne mai kallonmu yawanci a waya yake kallo, ko a gidan kallo inda allo ke can gaba, kuma da yawa daga cikinmu ba mu saba karanta Hausar boko a guje ba ko da mun iya ta sarai. A wurin soyayya har 13 nakan sauka in wuri ya ba ni dama, don ido ya gama karatu da wuri ya koma kan fuska.

Lissafin ba shi da wuya. In yarinya ta yi maganar sakan uku, kana da harafi 45, ko da layi biyu za su iya ɗaukar 84. Cikakkun layi biyu suna buƙatar sama da sakan biyar da rabi kafin a karanta su a natse. To masoyan fim ba kasafai suke yin jimlar sakan shida a numfashi ɗaya ba, maganarsu guntu-guntu ce. Saboda haka mafi yawan zubinka a irin wannan wuri zai tsaya tsakanin harafi 12 da 50. Manhajojin da ake aikin da su, kamar Subtitle Edit da Aegisub, suna ƙirga maka wannan da kansu, a gurbin da aka rubuta CPS ko chars/sec, kuma suna yin ja idan ka zarce. Ka shiga saitinsu ka sa iyakar da kake so tun farko.

Abin da za ka zubar da abin da za ka riƙe

Mai ɗora murya, irin fassarar Indiya-Hausa da ta cika kasuwa, ya cire muryar jaruma ya sa tasa, don haka dole shi ya yi kukan, shi ya yi rawar muryar. Kai ba haka aikinka yake ba. Muryarta tana nan, hawayenta na nan, kiɗan da aka sa a ƙasa yana nan. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma fuskar tana gaban mai kallo. Abin da ya rasa kawai shi ne sanin me aka ce. Duk kalmar da ta maimaita abin da fuska da murya suka riga suka faɗa, asarar wuri ce. Idan tana kuka tana cewa zuciyarta na ƙuna ƙwarai da gaske, "ƙwarai da gaske" ɗin nan hawaye sun riga sun biya shi.

Abu na biyu, mutanenmu sun yi fiye da shekara sittin suna kallon finafinan nan, tun zamanin da 'yan kasuwar Lebanon ke kawo su gidajen silima na Arewa. Dattijuwar da ba ta taɓa fita Katsina ba ta san dil zuciya ce, ta san fiyar so ne, ta san nahi a'a ne. Wannan yana taimakonka, yana kuma ɗaure ka. Yana taimakonka domin in jarumi ya ce nahi sau huɗu a jere, "A'a" ɗaya ta ishe ka, kunne zai ƙirga sauran. Yana ɗaure ka domin in an ji dil a baki ba a ga zuciya a rubutu ba, nan take za a ce mai fassarar nan yana cin amanarmu. Kalmomin da kunnen Bahaushe ya sani, ka bar su a inda suke. Ka yi ragin a wuraren da kunne bai sani ba: maimaici, kiran suna sau uku, shimfiɗar da ake yi kafin a kai ga magana.

Kuma kada ka ɗauka Hausa ce mai tsawo. Cikakkiyar jimlar bayyana so a Indiyanci kalma biyar ce, tamu uku ce gajeru: ina son ka. Tsawon da kake gani yana fitowa daga wuri biyu. Ko dai kana fassara daga rubutun Turancin da ya zo da fim ɗin, kana jan "cewa" da "wanda yake" da "a lokacin da" a bayanka, ko kuma kana ƙoƙarin yi wa mai kallo bayani maimakon ka bar jaruma ta yi magana.

Wani wuri guda, daga farkonsa zuwa ƙarshensa

Bari in ƙirƙiro mana wuri irin wanda ka sha gani, mu bi shi zubi-zubi. Tashar jirgin ƙasa ce. Saurayin malami ne da ke koyar da ƙanen yarinyar a gida, yanzu ya sami aiki a wani gari zai tafi. Tun farkon fim ba su taɓa furta komai ba. Ta biyo shi tasha.

Kafin mu taɓa maganarta, akwai abin da ya kamata ka sani game da harshen. Indiyanci yana da hanya uku ta cewa "kai" ko "ke". Akwai af, ta girmamawa da nesa-nesa. Akwai tum, ta sabo da abota. Akwai tu, ta matuƙar kusanci, wadda kuma kan zama raini in an faɗa wa wanda bai dace ba. Ba ruwan waɗannan da namiji ko mace, su matsayi suke nunawa. Hausa kuwa jinsi take rarrabewa, kai da ke. Marubutan finafinan nan suna wasa da wannan matakala sosai. Yarinya za ta yi awa biyu tana ce wa saurayi af, ranar da ta ce masa tum, duk ɗan Indiyan da ke kallo ya san an gama magana, ko ba ta ambaci so ba. Rubutun Turanci yana shafe wannan gaba ɗaya, domin kalma ɗaya gare su. Wanda ya dogara da shi ba zai ma san an yi wani abu ba. Ko ba ka jin harshen sosai, waɗannan kalmomi uku kunnenka zai iya kama su, ka riƙa sauraron su.

Wani zai ce a yi amfani da "ku" na girmamawa. Na'am, muna da shi, ana yi wa iyaye da manya. Amma a rubuce, a bakin budurwa tana kallon saurayi ɗaya, "kada ku tafi" sai mai karatu ya fara neman sauran mutanen da ake magana da su. Abin da ke ɗaukar wannan nauyi a Hausa shi ne kalmar kira. Saboda haka tun farkon fim na sa tana ce masa Malam. Ba a kowane zubi ba, kada ya ci mani wuri, amma sau ɗaya ko biyu a kowace haɗuwa, har kunnen mai karatu ya saba. Wannan ne ya sa nake cewa kada ka fara rubutu sai ka kalli fim ɗin har ƙarshe. Abin da za ka girba a minti na 112, a minti na 10 ake shuka shi.

Da ta iso, maganarta ta farko da af ta yi ta, kuma ta ɗauki sakan biyu da ɗan ɗoriya. Na rubuta: "Malam, don Allah kada ka tafi." Harafi 30 ne, ya shiga daidai. Ya ba ta uzurinsa, ta yi shiru, sannan ta sa hannu a ƙirji ta yi maganar sakan uku. In aka bi ta kalma-kalma, ga abin da za a samu: "Ban san tun yaushe ne, ko kuma ta yaya ne, zuciyata ta daina zama tawa ba." Harafi 74. A sakan uku wannan ya kusa 25 a kowane sakan. Mai kallo ko dai ya kasa gamawa, ko ya gama bai ga fuskarta ba ko sau ɗaya.

Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne: "Ban san yaushe ka sace zuciyata ba." Harafi 35, Hausa mai daɗi, kowa ya san ta. Amma ban ɗauke ta ba. Yarinyar nan ba ta ambace shi ba tukuna. Zagaye take yi, tana magana a kan zuciyarta don kunyar ta ce shi ne. In ka sa mata "ka sace", ka mayar da mai kunya mai tsaurin ido, ka kuma kashe abin da zai zo bayan sakan goma. Ragin da ya canza halin mai magana ya fi cikar layi muni, domin cikar layi ana ganinta a gyara, wannan kuwa ba mai kama shi sai wanda ke jin harshen.

Abin da na tsaya a kai shi ne layi biyu: na sama "Ban san yaushe ba...", na ƙasa "zuciyar nan ta daina zama tawa." Harafi 20 da 31, jimla 51. Na zubar da "ta yaya", domin tagwaye ne da "yaushe", ɗaya ya wadatar wajen nuna ruɗewarta. Na zaɓi "zuciyar nan" a kan "zuciyata" saboda hannunta na kan ƙirji, kuma "zuciyata" da "tawa" a jimla ɗaya maimaici ne. Sai dai 51 ya ɗara 45 ɗin da sakan uku suka ba ni. Mafita tana bayan maganar: tunda ta yi shiru kuma kyamara ba ta bar fuskarta ba, na bar rubutun ya ƙara rabin sakan. Sakan uku da rabi sun ba ni 52. Wannan rancen halal ne muddin ba a yanke hoto zuwa wani wuri ba, kuma wani bai fara magana ba. Ta baya ake ƙarin. Kada ka fito da rubutu kafin baki ya buɗe.

Yanzu ga wurin da aka gina komai dominsa. Ta ɗago kai ta maimaita roƙonta na farko, amma da tum. A nan akwai rami. In ka ce bari ka nuna kalmar, ka rubuta "Kai... kar ka tafi", Bahaushe zai karanta "Kai" ɗin nan a matsayin tsawa, irin wadda ake yi wa yaro zai taɓa wuta. In ka sa sunansa kuma, kunne bai ji an kira suna ba. Abin da na yi shi ne na maimaita jimlar farko na tuɓe mata kaya. Babu Malam, babu don Allah, "kada" ta koma "kar": "Kar ka tafi." Harafi 12. Shi kuma a fim ɗin ya tsaya cak ya tambaye ta, tum kika ce? Wannan ba ya fassaruwa kai tsaye, amma tunda na yi shuka, sai na rubuta masa: "Yau babu Malam?" Harafi 15, kuma duk wanda ya taɓa zuwa zance a ƙofar gidan su yarinya ya san abin da ake nufi ranar da aka daina ce masa Malam.

Ka lura zubin da ya fi kowanne nauyi a wurin nan shi ne ya fi kowanne gajarta.

Kada rubutu ya riga baki

Indiyanci yana ajiye aikatau a ƙarshen jimla. Tsarin jimlar so a wurinsu shi ne: ni, da kai, so, nake yi. Jaruma kan ce "ni", ta haɗiye yawu, ta ce "da kai", ta sunkuyar da kai sakan biyu, sannan kalmar so ta fito. Duk daɗin wurin a jiran nan yake. Hausa kuma da so take farawa. In ka fito da "Ina son ka" tun da ta buɗe baki, mai kallo ya karanta a ƙiftawar ido, ya zauna sakan huɗu yana jiran ta iso inda ya riga ya kai. Sau da yawa abin da kake ji kamar maganar ta yi lami, daga nan yake, kalmomin ba su da laifi.

Maganinsa a raba zubin biyu, a bar allo wayam a tsakani. A fayil ɗin SRT, wato fayil ɗin da ke ɗauke da rubutun da lokutan fitowarsa, wurin zai zama haka:

```
1206
01:52:40,000 --> 01:52:41,600
Yau babu Malam?

1207
01:52:43,000 --> 01:52:44,300
Ni dai...

1208
01:52:46,100 --> 01:52:48,100
...ina son ka.
```

Zubi na ƙarshen nan ana ɗora farkonsa daidai inda kalmar fiyar ta fito. Ka buɗe zanen igiyar murya a manhajar, za ka ga tudun maganar da kwarin shirun, ka ja farkon zubin zuwa gindin tudun. Kusan sakan biyun da ke tsakanin 1207 da 1208 ba kowa a ƙasan allo, fuskarta ce kaɗai. Sabon hannu yana tsoron wannan fili, sai ya ja "Ni dai..." ya cike shi. Bar shi haka. Na kuma ba zubin ƙarshe sakan biyu cur ko da yake rabin haka ya isa karatunsa.

Akwai wata dabara da za ta ja ka: ka rubuta "Kai nake so", tunda ta ajiye so a ƙarshe kamar yadda aka yi a asali. Hattara da ita. "Kai nake so" amsa ce ga tambayar wa kike so, tana nufin kai, ba wancan ba. In akwai abokin takara a labarin, misali an yi mata baiko da wani, babu jimlar da ta fi ta. In babu, ka shigo da kishiyar da marubucin bai rubuta ba.

Korewa ma haka take, har ta fi tsanani. Su nahi ɗinsu tana zuwa can kusa da ƙarshe, don haka saurayi zai iya cewa "ni, in bar ki in tafi", ya tsaya, yarinya ta firgita, sannan ya ƙarasa da cewa ba zai yi ba. Mu kuwa "ba" ɗinmu ta farko ita ke buɗe jimla, asiri ya tonu tun daga harafin farko. Ba za ka rubuta "Zan bar ki in tafi..." ba, wannan ƙarya ce ka sa masa a baki. Ni nakan juya rabin farko ya zama tambaya: "In bar ki in tafi?" a zubi ɗaya, sannan bayan shirun, "Ba zan iya ba." Harafi 18 da 14. Jiran ya tsira, ma'ana ba ta karkace ba. Kuma duk yadda wuri ya matse, kada ka raba "ba" ta farko da ta ƙarshe a zubi biyu daban. Jimlar da aka buɗe da "ban" ko "ba zan" tana rataye a kan mai karatu har sai ya ga rufinta.

Kalmomi kaɗan masu kai mutum ƙasa

Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, kuma a rubutun ƙasa babu lokacin komawa baya a sake karantawa. Misalin da ya fi yawan faruwa shi ne meri jan, kiran da masoya ke yi wa juna, ma'anarsa rayuwata. In ka rubuta "raina" shi kaɗai a farkon layi, rabin masu kallo za su fara karanta shi da ma'anar raini kafin su gyara. Ka ce "rabin raina", ko "masoyiyata" in wuri ya isa, ko ka bar shi gaba ɗaya in ya riga ya fito a zubin baya.

Sai rantsuwa. Masoyan fim suna rantsuwa da juna, tumhari kasam, wato na rantse da ke. Mai kallonmu Musulmi ne akasari, rantsuwa da wanin Allah tana tsaya masa a wuya, sai hankalinsa ya bar soyayyar ya koma kan hukunci. A ɗaya gefen kuma, sa "wallahi" a bakin yarinyar da ke tsaye a wurin bautarsu da jan ɗigo a goshi yana jawo dariya a inda ake son kuka. "Na rantse" kawai, ba tare da faɗin da me ba, ta raba gardama, kuma gajera ce. In maganar ta gaba ce, "na yi miki alkawari". Haka batun haɗuwa a rayuwa bakwai da suke yi wa ma'aurata fata. In ado ne kawai na magana, "har abada" ta ɗauke shi. Amma in labarin fim ɗin a kan sake dawowa duniya aka gina shi, dole ka rubuta rayuwa bakwai ɗin yadda take, domin imanin mutanen labarin ne, ba aikinka ba ne ka musuluntar da su.

Akwai kuma inda al'adun biyu suka haɗu har aikin ya yi kansa. Matar gargajiya a can ba ta kiran sunan mijinta, takan ce masa "ji mana" cikin ladabi, ko ta kira shi baban wane. Iyayenmu mata a Katsina da Daura haka suke yi. Irin wannan wuri kada ka yi masa gyara ko ka cusa suna don a gane da wa take, an riga an gane.

Game da so da ƙauna da bege, shawarata ita ce ka yi tattali. Su ma suna da fiyar da muhabbat da ishk, kowace da zafinta. Kada ka ƙone "ƙauna" da "bege" a rabin farko na fim. Ka riƙe "so" a yawancin wurare, ka ajiye "bege" sai an rabu ana kewa, don ranar da ta fito a ji an hau mataki.

Karya layi da gwaji

In zubi ya kai layi biyu, ka karya shi inda mai magana zai numfasa. Kada "ya" ko "ta" ko "na" su tsaya a ƙarshen layin sama aikatau ɗinsu na ƙasa. Kada ka raba "zuciyar" da "nan". In da hali layin sama ya fi gajarta, don kada ya hau haɓar jaruma a hoton da aka matso da fuska, wanda shi ne yawancin hoton wuraren soyayya. In jimla ta shiga layi ɗaya, bar ta a ɗaya. Tsakanin zubi da zubi kuma a bar ɗan tsaiko na firam biyu, wato hoto biyu daga jerin hotunan da ke wucewa a kowane sakan, don ido ya gane an canza rubutu.

Ka adana fayil ɗinka a tsarin haruffa na UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su koma alamar tambaya ko akwati a wayar wani. Ka kuma duba cewa salon harafin da ka zaɓa yana da su, musamman in za ka manna rubutun a jikin hoton. Kada ka ce bari ka huta ka yi amfani da k da d da b zalla. Ranar da jarumi zai yi maganar ƙafa ko ɓata rai ko ɗaki, za ka sa mai kallo tuntuɓe a tsakiyar hawaye.

Gwajin da na fi yarda da shi ba a kwamfuta nake yin sa ba. Ina tura wurin a ƙaramar waya, in miƙa wa wanda bai san labarin ba, in zauna ina kallon idonsa. In idon na sauka ƙasa ya dawo sama kafin zubi ya ɓace, lissafi ya yi. In ya maƙale a ƙasa, ko yatsa ya kai ga mayar da hoto baya, akwai zubin da ya yi nauyi. Bayan ya gama sai in tambaye shi launin mayafin yarinyar, ko a wane hannu saurayin ya riƙe jaka. Wanda ya kasa amsawa, karatu ya yi, bai kalli fim ba. Ka gwada da mace ma, ba abokanka maza kaɗai ba, domin ita za ta gaya maka in budurwa ba ta magana haka.

Inda wannan hanya ba ta kaiwa

Duk abin da na faɗa yana aiki ne a hirar baki da baki. In jarumi ya tashi ya rera baitin waƙar Urdu, irin mai layi biyu da amsa-amo da ma'ana biyu a kalma ɗaya, harafi 84 ba za su ɗauki ma'ana da amo da wasan kalma a tare ba. A nan sai ka zaɓi hoto ɗaya daga baitin, wata ne, ko fitila, ko ƙishirwa, ka rubuta shi da Hausa mai tsabta, ka bar amon ga kunne tunda ana jin sa. In amsa-amo ya zo da kansa, madalla. In sai ka murɗe jimla kafin ya zo, bar shi.

Dabarar Malam ɗin nan ma tana da iyaka. Ta yi aiki ne saboda saurayin malami ne. In ɗan sanda ne ko mai kuɗi, "Yallaɓai" za ta maye gurbinta. In sa'anni ne 'yan makaranta ɗaya da suka tashi daga tum zuwa tu, babu kalmar kiran da za ka cire, sai dai ka sassauta Hausar kanta, ka shigo da "mana" da "ɗan" da "kin ji", kuma wani abu zai salwanta duk da haka. "Yaya" kuwa, ko da yake 'yan matanmu na kiran samari da ita, ka guje ta a fim ɗin Indiya. A can, yarinya ta kira saurayi da sunan ɗan'uwa alama ce ta cewa babu maganar aure, har bikin ɗaura zare a hannu suke yi a kan haka, kuma marubuta na gina rikicin labari a kansa. In ka riga ka kashe "Yaya" a kan masoyi, ranar da za ta kira wani da ita don ta sallame shi ba ka da kalmar da za ka ba ta.